Kaluluwar zaure: abin da ƙaramar tiyatar hammata ke rage wa mai sankarar mama

Duk wanda ya daɗe yana duba masu sankarar mama ya san wata irin mata tun daga bakin ƙofa. An yi mata aiki shekara uku da suka wuce, ta gama shan magani, ba a ga alamar ciwon ya dawo ba. Amma tana shigowa ne tallabe da hannu ɗaya da ɗayan, kamar wadda ta ɗauko jinjiri. In ta janye mayafi sai ka ga hannun ya kusa ninka ɗan'uwansa tun daga dantse har bayan tafi. Tela ya farke hannun rigarta ya ƙara ƙyalle, awarwaro kuwa tuni aka yanke shi. Ka danna fatar da babban yatsa, ta loɓa, ramin ya daɗe bai cike ba. Wata da na gani haka ta ce da ni: "Likita, ciwon dai kun cire, Allah ya saka da alheri. Amma hannun nan ya zame mini kaya. Ko tuwo ba na iya tuƙawa."

Ba sankarar ce ta kumbura hannun ba. Aikin da aka yi a hammata ne, inda aka kwashe kaluluwa gaba ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin matan da ake yi wa wannan kwasa tun ciwon yana ƙarami, mafi yawansu in an duba abin da aka ciro ba a samun ko ƙwayar sankara ɗaya a ciki. An biya da hannu don a sami amsar tambaya guda: ciwon ya kai hammata ko bai kai ba? Tiyatar da nake son bayani a kai hanya ce ta samun amsar nan ba tare da wannan tsadar ba.

Mu Hausawa mun san kaluluwa ne idan ta tashi. Mutum ya ji ciwo a ƙafa, sai ya ji wani ƙullutu a matsematsi, a ce kaluluwa ta fito masa. Gaskiyar magana, tana nan tun haihuwa, kumbura kawai ta yi. Ban da jini, akwai wani farin ruwa da ke tsatsowa daga ƙananan jijiyoyin jini ya jiƙa naman jiki, kuma akwai sirara-siraran magudanai da ke tattara shi su mayar cikin jini a gindin wuya. A kan hanyar ne aka jera kaluluwoyi, kowace kamar ƙwayar wake, suna tace ruwan suna kama ƙwayoyin cuta. A hammata ɗaya ana samun kamar 20 zuwa 40 a binne cikin kitse. Fiye da kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke barin mama nan yake zuwa, shi ya sa in ƙwayoyin sankara suka ɓalle daga ƙullutun, hammata ce zangonsu na farko.

Ga inda matsalar take. Ruwan hannu ma ta hammatar yake bi. Mama da hannu kamar gidaje biyu ne masu kwata ɗaya. In ka haƙe kwatar don gudun abin da ke fitowa daga gida ɗaya, ka toshe wa ɗayan hanya ke nan. Ruwa ya taru a hannu, tun yana sauka da dare yana dawowa da rana, har ya zauna daram, fata ta yi kauri ta taurare irin na tundurmi. Ana iya rage shi da tausa ta musamman, da ɗauri, da safar hannu mai matsewa, amma ba kasafai yake tafiya gaba ɗaya ba. Kuma hannun da ruwa ya kwanta a cikinsa ba ya iya kare kansa. Ƙaramin yankan wuƙa wajen yanka albasa, ko tartsatsin mai, sai hannun ya yi ja ya ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe ta, a kwantar da ita. Kowane irin wannan kamu yana ƙara lalata 'yan magudanan da suka rage.

Tun daga aikin William Halsted na Baltimore, wanda ya wallafa sakamakonsa a 1894, kwashe hammata ya zama dole a duk tiyatar sankarar mama, kusan shekara ɗari. Tunanin shi ne ciwon yana tafiya daki-daki, daga mama zuwa hammata zuwa sauran jiki, don haka in ka share hammata ka tare shi. Binciken da Bernard Fisher ya jagoranta daga 1971 ya girgiza wannan tunani. A cikin matan da ba a ji wani ƙullutu a hammatarsu ba, waɗanda aka kwashe wa kaluluwa tun farko ba su fi waɗanda aka bari tsawon rai ba, har bayan shekara 25 ana bibiyarsu. Daga nan aka fara gane cewa babban amfanin kwasar, ga irin waɗannan mata, labarin da take bayarwa ne. In kaluluwa ta kamu, an san ciwon ya koyi tafiya, sai a ƙara ƙarfin magani. In ba ta kamu ba, a sassauta.

To in labari ake nema, dole ne sai an kwashe duka? Wani likita ɗan Paraguay, Ramón Cabañas, ya nuna a 1977, a kan sankarar mazakuta, cewa ruwan da ke barin wuri ba ya watsuwa barkatai, akwai kaluluwar da yake fara isa kafin saura. Donald Morton ya tabbatar da haka a sankarar fata a 1992 da shuɗin ruwa, sannan David Krag a 1993 da Armando Giuliano a 1994 suka kawo dabarar kan mama. A Turance suna kiran wannan kaluluwa mai gadi. Ni na fi son in ce kaluluwar zaure, don duk baƙon da zai shiga gida ta zaure zai bi. In ka duba zaure ba ka ga sawu ba, da wuya a ce wani ya kai tsakar gida.

Bari mu bi aikin a kan mace guda. Shekararta 46, ta ji ƙullutu a saman mamanta na hagu ta ɓangaren hammata, kuma Allah ya taimake ta ba ta tsaya jiƙe-jiƙe ba. Hoto ya nuna faɗinsa santimita 1.8. An ɗebi ɗan nama da allura an tabbatar sankara ce. Likita ya lalubi hammata bai ji komai ba, aka ɗora na'urar sikanin a wurin, kaluluwoyin suka fito da siffarsu ta lafiya, dogaye kamar wake, da kitse a tsakiya da siririn baki. Wannan shi ne sharaɗin farko, kuma shi ne mafi girma: hammatar da hannu da sikanin ba su ga abin zargi a cikinta ba.

Ranar tiyata, bayan an sa ta barci, likita zai zuƙi 'yan mililita na shuɗin ruwa ya yi allurarsa a ƙarƙashin baƙin da'irar da ke kewaye da kan mama, ko a gefen ƙullutun. Sai ya murza maman a hankali kamar minti 5 don ruwan ya shiga magudanai. Daga nan ya yi ɗan yanka, santimita 3 zuwa 4, daidai inda gashin hammata ya ƙare ta ƙasa. Yana buɗa kitsen sannu a hankali, ba ya yanka da gaggawa, yana neman wani abu siriri kamar zaren ɗinki da aka tsoma a baba. In ya gan shi sai ya bi shi, kuma a ƙarshensa zai tarar da kaluluwa ta rine shuɗi a cikin rawayar kitse. Wanda ya taɓa ganin wannan ba ya mantawa. Ita ce ta zaure. Sau da yawa ba ɗaya ba ce, ana samun biyu ko uku. Kafin ya rufe, zai sa yatsa cikin ramin ya lalube, duk wadda ya ji ta yi tauri ya cire ta ko da ba ta rine ba. Dalilin wannan lalube yana da muhimmanci. In sankara ta cika kaluluwar farko maƙil, ruwa ba ya iya shigarta, sai ya kewaye ya rina wata lafiyayya da ke gaba. Likitan da ya dogara da ido kaɗai zai ɗauki lafiyayyar ya bar mai ciwon.

A manyan asibitocin duniya ana haɗa shuɗin ruwan da wani sinadari mai fitar da ɗan tururin nukiliya, teknishiyam-99m, wanda ake yin allurarsa awanni kafin aiki. Likita yana riƙe da wata na'ura kamar alƙalami mai ƙara, tana ƙara kuka idan ta kusanci kaluluwar da sinadarin ya taru a ciki. Ƙa'idarsu ita ce a cire wadda ta fi ƙara, da duk wadda ƙararta ta kai kashi 10 cikin 100 na waccan. Haɗa hanyoyin biyu ya fi kowace ita kaɗai dacewa. Sai dai ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan awa 6, ba abin da za a saya a ajiye a kabad ba ne, sai asibitin da ke da sashen maganin nukiliya, irin asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Don haka a yawancin wuraren namu abin da ke hannu shi ne metilin bulu, wani nau'in shuɗin ruwan mai araha, wanda a hannun gwani yake gano kaluluwar a mafi yawan mata.

Shi ma yana da nasa sharuɗɗan. In aka yi allurarsa a cikin fata sama-sama yana iya kashe fatar wurin ta zama gyambo, shi ya sa ake kai shi ƙasa, wasu kuma su sirka shi. Ba a yi wa mai ciki. Yana rikici da wasu magungunan ciwon damuwa. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ake gada, ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma metilin bulu na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai wannan ƙaranci. An fi saninsa ga maza, amma mata ma suna da shi. Macen da ta taɓa yin shawara ko fitsarinta ya yi baƙi bayan shan wani magani ta faɗa wa likita kafin aiki. Ban da waɗannan, a gaya mata tun da wuri cewa fitsarinta zai fito kore ko shuɗi kwana ɗaya ko biyu, kada ta farka ta tsorata.

An ciro wa matar tamu kaluluwa biyu. Yanzu aikin ya koma hannun wanda ba ta taɓa gani ba, likitan da ke duba nama a madubin ƙara girma. Nan ma akwai riba. Wanda aka kawo wa kaluluwa 18 ba zai iya bin kowace filla-filla ba, amma biyu zai yanka su sala-sala, kauri bai wuce milimita 2 ba, ya duba kowane yanki. In ya ga sankara zai auna ta, domin wadda ta haura milimita 2 hukuncinta daban da 'yar mitsitsiyar da ba ta kai haka ba. A wasu asibitoci ana daskarar da naman a duba nan take matar tana kan gadon tiyata, a wasu kuma sai an jira kwanaki.

A ce sakamako ya fito babu komai. Shi ke nan, an gama da hammata. Sai mu kwatanta da abin da zai faru da an yi mata kwasa. A kwasa ana ɗauke duk kitsen da ke ƙasa da bayan ƙaramar tsokar ƙirji, da kaluluwa aƙalla 10 a ciki. Wurin ya zama rami, ruwa yana taruwa, dole a sa mata robar da ke zuƙe shi, ta yi kwanaki ko fiye da mako tana yawo da gora a ƙarƙashin zane, bayan an cire ma sau da yawa sai ta dawo an zuƙe da sirinji. Akwai wata jijiyar ji da ke ratsa tsakiyar hammata ta nufi cikin dantse. A kwasa sau da yawa ana yanke ta ko a ja ta, sai matar ta rayu da fatar da ta sage, ko mai zugi kamar ana tsira mata allura, har shafar riga ta dame ta. Kafaɗa tana ƙagewa, ɗaga hannu don ɗaura ɗankwali ko shanya ya zama aiki. Matar tamu kuwa ɗan tabo ne a ninkin hammata, galibi ba roba, kuma cikin 'yan kwanaki tana ɗaga hannunta.

An auna wannan bambanci. A binciken ALMANAC na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2006 kan mata fiye da 1,000, bayan shekara guda kumburin hannu ya kama kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin hammata irin na da, da kashi 5 na waɗanda aka cire wa ta zaure. Sagewar fata kuwa kashi 31 ne da kashi 11. Da aka tattara bincike masu yawa wuri guda a 2013, aka ga kumburin yana samun kusan mace 20 cikin 100 bayan kwasa, da kusan 6 bayan ƙaramin aikin. A lura, shida ba sifili ba ne. Ko kaluluwa biyu aka cire an taɓa kwatar, kuma ƙiba da gashi, wato gasa hammata da injin hasken kashe sankara, suna ƙara haɗarin.

Lissafin da ya fi shiga raina shi ne wannan. Ɗauki mata 100 irin tamu, waɗanda ba a ji komai a hammatarsu ba. Kusan 70 daga cikinsu kaluluwarsu lafiya lau take. In aka yi wa duka ɗarin kwasa, waɗannan 70 ba su ƙaru da komai ba, kuma kamar 14 a cikinsu za su ƙare da kumburin hannu. Da ƙaramin aikin, kamar 4 ne. Mata goma ke nan a kowace ɗari da za su ci gaba da daka da wanki da goyon jikoki da hannuwansu biyu.

Mai hankali zai tambaya, in zauren ya yi ƙarya fa? Yana yi. Babban binciken da ya amsa wannan shi ne NSABP B-32 na Amurka da Kanada, mai mata 5,611. An cire wa dukkansu kaluluwar zaure, rabinsu kuma aka kwashe musu sauran kaluluwoyin duk da haka don a gani, sai aka tarar a cikin masu sankara a hammata, kusan 1 cikin 10 zaurensu ya nuna babu komai alhali akwai. A cikin matanmu 100 na ɗazu, 30 ne masu ciwo a hammata, don haka kamar 3 za su kuɓuce. Wannan adadi yana tayar da hankali, kuma ya kamata a faɗa wa mace shi ba ɓoye-ɓoye. Amma da aka bi matan shekara 8, tsawon ran ɓangarorin biyu bai bambanta ba, kuma dawowar ciwon a hammata bai kai 1 cikin 100 ba a kowane ɓangare. Dalili shi ne tiyata ba ita kaɗai ke aiki ba. Maganin da ake bayarwa bayanta, kemo, wato maganin kashe sankara, ko ƙwayoyin da ke toshe sinadarin mata, yana zagaya jiki duka, kuma gashin da ake yi wa mama yana lasar ƙasan hammata. Su ne ke share abin da ya rage. A riƙe wannan dalili, don za mu dawo kansa.

Yanzu a ce sakamakon matar tamu ya fito da sankara mai milimita 4 a ɗaya daga cikin biyun. Da can amsar ɗaya ce, a koma a kwashe. Giuliano ɗin nan ne ya jagoranci binciken da ya sauya haka, Z0011, wanda aka wallafa a 2011. Matan da ke cikin binciken ƙullutunsu bai wuce santimita 5 ba, an cire ƙullutun an bar maman, sankara ta kama kaluluwar zaure ɗaya ko biyu kacal, kuma za a yi musu gashin mama gaba ɗaya da magani. Aka kwashe wa rabi, aka bar rabi. A waɗanda aka kwashe wa, an sami ƙarin sankara a kashi 27 cikin 100, wato su ma waɗanda aka bari akwai kusan haka a jikinsu. Duk da haka bayan shekara 10 masu rai kashi 86 ne a waɗanda aka bari, kashi 84 a waɗanda aka kwashe wa. Wani binciken Turai, AMAROS, ya gwada gasa hammatar maimakon yanka ta, ya samu kariya kusan iri ɗaya da rabin kumburin hannu. Don haka matar tamu, in maman aka bar mata kuma tabbas za ta sami gashi, ba sai an koma hammatarta ba. In kuwa uku ne suka kamu, kwasa ta zama dole.

Kalmar "tabbas" ɗin nan ita ce inda nake ganin dole mu yi wa kanmu gaskiya. Duk waɗannan sakamako an same su ne a wuraren da mace ke fara gashi a kan lokaci ta gama a kan lokaci. A ƙasashenmu injinan gashi ƙalilan ne, layi dogo ne, inji kan lalace a tsakiyar magani, ga kuɗin mota da na masauki a garin da ba ka da kowa. Likitan da ya bar kaluluwa mai ciwo bisa dogaro da gashin da ba za a samu ba bai bi binciken ba, rabinsa ya ɗauka. Ina ganin a irin wannan hali, in zaure ya nuna sankara kuma iyalin sun faɗi gaskiya cewa gashi ya fi ƙarfinsu, kwasa ita ce rangwame. Magana ce da ya kamata a zauna a yi da matar da maigidanta ko 'ya'yanta kafin a shiga tiyata, a tambaye su ƙarara: Hajiya, in aka ce ku tafi wani gari ku yi makonni, za ku iya?

Babban shingen ma yana gaba da wannan. Mafi yawan matan da ke zuwa asibitocinmu da sankarar mama suna zuwa ne ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu, hammata cike da ƙullutai masu tauri, wani lokaci sun manne da juna. Nan babu tambayar da zaure zai amsa, baƙo ya riga ya shige. Haka irin sankarar da ke sa mama ya yi ja ya kumbura, fatar ta koma kamar ɓawon lemo. A wannan, ciwon ya toshe magudanan fata, shuɗin ruwa ba zai bi hanyar gaskiya ba, don haka ba a yin ƙaramin aikin sam.

Sai dai ba kowane ƙullutun hammata ne sankara ba, kuma a wajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Macen da aka yi wa tsaga ko sakiya a mama, ko aka shafa mata magani mai cin fata har ya yi gyambo, kaluluwarta za ta tashi saboda ƙwayoyin cuta. Tarin fuka ma yana kumbura kaluluwa. In likita ya ji ƙullutu da hannu ya yanke hukunci nan take, zai kwashe wa wasu hammata lafiyayya. Abin da ya dace shi ne a duba da sikanin, a soka allura a ɗebo daga wadda ake zargi. In gwajin bai nuna sankara ba, ƙofar ƙaramin aikin tana nan a buɗe.

Akwai kuma matan da aka fara ba su kemo kafin tiyata don ciwon ya motse, kuma a asibitocinmu suna da yawa. Wata takan zo da kaluluwar da aka tabbatar ta kamu, bayan zagaye shida ko takwas a laluba a rasa ta. A wasu nau'o'in sankarar maganin yana share hammatar ƙarƙaf. Za a iya tambayar zaure a nan? Ana iya, amma ya fi yin ƙarya, domin maganin yana barin tabo a magudanai, kuma ba lallai ya kashe ciwon a jere ba. A binciken Z1071 kuskuren ya kai kusan 13 cikin 100. Yana sauka ƙasa da 10 ne idan an ciro kaluluwa uku ko fiye, ya kuma ragu idan an haɗa shuɗin ruwa da sinadarin nukiliya. Wata dabarar ita ce tun ranar da aka soka allura a bar ɗan ƙarfe mitsitsi a cikin kaluluwar da ta kamu, don a tabbatar ita ma an ciro ta daga baya. Inda metilin bulu kaɗai ake da shi, kuma ba a sa alamar ba, ni ba na ganin laifin likitan da ya zaɓi kwasa ga irin wannan mata.

Hannun likita ma yana cikin lissafi. Aikin yana da sauƙi a baki, amma wanda bai saba ba zai iya tsinka zaren ya ɓata hanya, ko ya makara shuɗin ya wuce ya rina na gaba. Shi ya sa aka shawarci mai koyo ya yi kamar 20 zuwa 30 yana cire ta zaure sannan ya kwashe saura, ga matan da dama za a yi musu kwasar, ya ƙirga sau nawa ya gano ta da sau nawa ta yaudare shi, kafin ya fara dogara da ita. In aka yi allura aka buɗe ba a ga shuɗi ko kaɗan ba, abin da aka saba shi ne a kwashe, kuma ya kamata matar ta san da wannan yiwuwar kafin ta sa hannu a takarda.

A Turai har an wuce nan. Bincike biyu na baya-bayan nan, SOUND na Italiya da INSEMA na Jamus da Ostiriya, sun nuna cewa wasu mata masu ƙaramin ƙullutu da hammata mai tsabta a sikanin za a iya barin hammatarsu ba a taɓa ba ko kaɗan. Yawancin matan da ke cikin binciken sun manyanta, kuma sankararsu irin mai jin maganin sinadarin mata ce. Namu sau da yawa ba su kai waɗannan shekaru ba, ciwon nasu kuma ya fi zafi, don haka a yi hattara da ɗauko hukuncin kai tsaye.

Ko wane aiki aka yi wa mace a cikin biyun, akwai abu ɗaya mai sauƙi da ake yawan mantawa. Kafin tiyata a ɗauki tef irin na tela a auna kaurin hannuwanta biyu a wurare sanannu, misali santimita 10 sama da gwiwar hannu da santimita 10 ƙasa da ita, a rubuta a katinta. Duk zuwan da za ta yi a sake aunawa a daidai wuraren. Bambancin da ya kai santimita 2, ko ta ce zobe ya fara matse ta, ko hannun yana mata nauyi da yamma, alama ce ta farko, kuma a wannan matakin ne safar matsi da motsa hannu suka fi yin aiki. In kuwa hannun ya yi ja ya ɗau zafi tare da zazzaɓi, ranar za ta je asibiti a fara mata maganin ƙwayoyin cuta, ba washegari ba.